Farin layin da ke tona asirin hoto

Wata mata ta turo mini hoton 'yarta mai shekara uku, tana son a yi mata bana ta murnar zagayowar ranar haihuwa. An tsefe gashin yarinyar an ɗaure shi gida biyu, kowane ɗauri ya tashi buzu-buzu kamar audugar rimi, kuma a jikin farin bangon falo aka ɗauke ta. Uwar ta ce shuɗi mai duhu take so a bayan 'yarta. Na yanke hoton, na ɗora shi kan shuɗin, sai ga farin hazo ya kewaye kan yarinyar tun daga kunne zuwa kunne, kai ka ce furfura ta fito mata.

Duk wanda ke duba fastocin 'yan takara da katin gayyatar biki ya san wannan layi. Shi ne ke sa mai kallo ya gane cewa yanko mutumin aka yi aka manna. Yawancin masu koyon zane suna ɗauka hannunsu ne bai bi gefen da kyau ba, sai su koma su sake yankan, su ƙara shiga ciki, har su aske wa mutum rabin suma. Da za su bi gefen sau goma, farin ba zai tafi ba, domin a cikin launin gashin yake tun ranar da aka ɗauki hoton.

Hoto taron ƙananan ɗigo ne masu kusurwa huɗu, waɗanda ake kira fiksel, kuma kowanne launi ɗaya tak yake ɗauka. Silin gashi kuwa sau da yawa bai kai faɗin ɗigo guda ba. Idan ya ratsa ta cikin ɗigon, rabi gashi rabi bango, kyamara sai ta gauraya su ta ba da launi na tsaka-tsaki. A ma'aunin haske na kwamfuta 0 shi ne baƙi ƙirin, 255 fari fat. A ce gashin yarinyar 30 ne, bangon 250. Ɗigon da suka raba daidai zai fito 140, wato ruwan toka. A kan farin bango ido ba ya ganin aibinsa. Ɗora shi kan shuɗi mai duhu da haskensa bai wuce 20 ba, sai ya yi ta ƙyalli.

To, a ce ka ƙware, ka gaya wa kwamfuta cewa wannan ɗigo rabinsa ne kawai gashi, ta bar rabin sabon bayan ya ratso. Rabin 140 da rabin 20 sun ba da 80. Da a gaban shuɗin aka ɗauki yarinyar tun farko, rabin 30 da rabin 20 za a samu, wato 25. Tazarar da ke tsakanin 80 da 25 ita ce farin hazon. Saboda haka aikin kashi biyu ne. Akwai tantance inda gashi ya tsaya da yadda yake shara-shara, akwai kuma wanke farin da ya riga ya jiƙa launin gefen. Masu gaggawa na farkon kaɗai suke yi.

A Photoshop wurin da ake yin na farkon shi ne Select and Mask, wanda ya maye gurbin Refine Edge a 2016. Bayan ka zaɓi mutumin sama-sama, sai ka buɗe shi da Ctrl+Alt+R. Kafin ka taɓa komai, sauya yadda kake kallon hoton. Idan ka bar shi a On White, farin hazo zai ɓuya cikin fari, ka gama aiki kana murna alhali ba ka ga komai ba. Zaɓi On Black ka kai Opacity ƙarshe, ko kuma On Layers idan ka riga ka shimfiɗa sabon bayan a ƙasa. Ni nakan shimfiɗa shuɗin tun kafin in fara, don abin da za a buga shi ya kamata ido ya riƙa gani.

Sai buroshin da ake kira Refine Edge Brush Tool. Abin da wannan buroshi yake yi shi ne ya shata wa kwamfuta yankin da ake shakka, ita kuma ta duba launin da ke cikin zaɓi da wanda ke waje, ta yanke wa kowane ɗigo rabonsa. Don haka kada buroshin ya yi girma. A hoton yarinyar, silin da suka fi tsawo sun fito kimanin ɗigo 40 daga curin gashin, sai na sa buroshin ya ɗan ɗara haka, na bi bakin kowane ɗauri sau ɗaya, tsakiyar buroshin na kan inda farin bango ke leƙowa. Ban shiga cikin curin ba. Wanda ya goga buroshin a tsakiyar gashi zai ga wurin ya zama shara-shara, shuɗi na leƙowa ta cikin kan yarinya. Hanyar ganewa ita ce ka danna K, hoton ya koma baƙi da fari. Cikin kai dole ya zama fari fat, waje baƙi ƙirin, ruwan toka kuma a bakin gashi kaɗai. Duk inda ka ga toka-toka a tsakiya, mayar da shi fari da buroshi na yau da kullum.

Kafaɗa da hannu da riga ba sa buƙatar wannan buroshi, gefensu a tsaye yake. Ga su, Shift Edge zuwa ɓangaren ragi kaɗan, ko kuma Minimum da ke ƙarƙashin Filter sannan Other a kan ɗigo ɗaya, ya isa ya cinye siririn layin. Amma maganin kafaɗa guba ne ga gashi. Silin da faɗinsa ɗigo biyu ne, ka rage masa ɗaya ta kowane gefe, ya tafi. Shi ya sa nake raba aikin, in zagaye jiki da Lasso in matse gefensa shi kaɗai, in bar kai. Feather kuwa, wanda masu koyo ke rugawa gare shi, bai cire fari ba, baza shi yake yi ya koma hayaƙi.

Wankin launi shi ne kashi na biyu. A ƙasan Select and Mask akwai akwatin Decontaminate Colors. Idan ka kunna shi, kwamfuta takan ɗebo launin gashin da ke kusa ta shafe ɗigon gefe da shi, 140 ɗin nan ya komo kusa da 30. Tunda yana sauya ainihin launin hoton, sai ya fitar da aikin a sabuwar leya, kuma gara ka zaɓi New Layer with Layer Mask don asalin ya zauna lafiya a ƙasa. Yana aiki, amma hannunsa da nauyi. A cikakken ƙarfinsa ya mayar da siraran gashin yarinyar wasu dunƙule-dunƙule kamar an shafa kwalli da yatsa, ya kuma ɗebo launin jan ribon ɗinta ya zuba a gashin da ke kusa. Na ja Amount baya zuwa wajen rabi, hazon ya ragu, sauran na ƙarasa da hannu.

Hanyar hannun ita na fi yarda da ita, ko da tana cin minti goma. Ka buɗe sabuwar leya a saman mutumin, ka danna Ctrl+Alt+G don ta maƙale da ta ƙasa, yadda duk abin da ka shafa ba zai fita daga siffar da ka yanka ba. Ka sa yanayin leyar a Darken. Sannan ka riƙe Alt ka ɗauko launi daga cikin gashin, dab da gefen da za ka gyara, ka shafa da buroshi mai laushi, Flow kamar 20. Darken yana taɓa abin da ya fi launin buroshinka haske ne kawai, don haka farin hazo yake ci, gashin da ke da duhunsa ya bar shi. Abin lura ɗaya ne: ka riƙa sake ɗaukar launi duk bayan ɗan taƙi. Baƙin gashi ba launi ɗaya ba ne. Ɓangaren da ke fuskantar taga a kan yarinyar ruwan ƙasa ne mai ɗan ja, ɗaya ɓangaren kuma ya kusa baƙi. Da na shafe duka da launi guda, da farin zobe na cire na sa baƙi a madadinsa, wanda shi ma ido ba ya raina shi.

Duk wannan dabara ta dogara ne da cewa gashi duhu ne, bango haske. Ranar da aka kawo maka hoton dattijo mai farin gemu a jikin farin bango, lissafi ya rikice, domin farin da ke gefen gemun na gaskiya ne, kuma kwamfuta ba ta da abin da za ta bambanta shi da bango. Darken zai rina masa gemu. Haka gyalen amarya mai raga, wanda bango ke ratsa shi ko'ina. A irin wannan, shawara mafi arha ita ce a zaɓi sabon baya mai haske, ruwan madara ko sararin samaniya, inda ragowar farin zai saje. Idan mai aiki ya nace sai duhu, to sai dai a yanke gemun ciki kaɗan a zana silin gefen da siririn buroshi ɗaya bayan ɗaya, kuma a gaya masa kuɗin ba ɗaya ba ne.

Akwai kuma farin layin da ba daga bango ya zo ba. Wayoyi sukan ƙara wa hoto kaifi da kansu, ta hanyar haskaka gefe ɗaya na duk inda duhu ya haɗu da haske. WhatsApp kuma idan ya matse hoto sai ya rage yawan ɗigon, ya bar dabbare-dabbare a bakin gashi. Hoton farko da matar nan ta turo ya bi ta hannu uku kafin ya iso ni, silin gashin duk sun narke cikin bango. Sai da na roƙe ta ta nemo wayar da aka ɗauka da ita, ta turo shi a matsayin Document, sannan buroshin ya sami abin kamawa.

Kafin in kai wurin bugu nakan shimfiɗa jar leya a ƙasa, in duba, in sauya ta da kore, in zuƙo hoton zuwa 100%. Ragowar bango da ta ɓuya a kan shuɗi takan fito fili a kan ja. A hoton yarinyar gwajin ya nuna mini wani farin tabo tsakanin ɗaurin gashin hagu da kunnenta, wurin da bai fi ƙwayar gero ba a allona. A bana mai tsawon ƙafa shida, da ya kai girman tafin hannun ita mai bikin.