Ƙananan Lambobin da Ke Hana Jirgi Kafewa

Taswirar ƙasa tana nuna wa matafiyi abin da idonsa zai gani: gari, hanya, kogi. Ita kuwa taswirar teku aikinta shi ne ta nuna wa matuƙin jirgin ruwa abin da ruwa ya rufe. Shi ya sa za ka ga farfajiyarta cike da ƙananan lambobi kamar an watsa gero. Kowace lamba zurfin ruwa ce a daidai wurin da aka rubuta ta.

Kafin ka karanta lamba ko ɗaya, nemi bayanin da ke ƙarƙashin sunan taswirar, domin a nan ake faɗin ma'aunin da aka yi amfani da shi. Taswirorin zamani da mita suke auno. Tsofaffin kuwa da gaba, irin gabar da masu haƙar rijiya suka sani, wadda a teku take daidai da ƙafa 6. Wanda ya rikita biyun ya shiga uku. A taswirar mita, idan ka ga 3 babba da 8 ƙarama a gindinta, ana nufin mita 3.8.

To amma ruwan teku ba ya zama wuri ɗaya, yana cika yana janyewa, a yawancin gaɓoɓi sau biyu a yini. Saboda haka masu auno suke ɗaukar matakin da ruwa yake kaiwa idan ya janye ƙwarai, su auna zurfi daga nan. Ke nan lambar da ke taswira kusan mafi ƙarancin ruwan da za ka tarar ce. Sai ka duba jadawalin cikar teku na tashar, ka ƙara tsayin ruwa na wannan sa'a.

Mu ɗauka jirginka yana nutsa mita 4 cikin ruwa, taswira kuma ta ce 3.8. Idan jadawali ya ce ruwa ya ƙaru da mita 0.9, zurfin ya zama 4.7, kana da ratar santimita 70 tsakanin cikin jirgi da ƙasa. Bayan kimanin awa 6, ƙarin ya koma 0.2, zurfin ya zama mita 4 cif, jirgi ya zauna. Wuri ɗaya ne, lokaci ne ya bambanta. Lambar da aka ja wa layi a ƙasa kuwa ba zurfi ba ce, tsayin tudun da ke fitowa fili ne idan ruwa ya janye.

Launi ma magana yake yi. A taswirorin Birtaniya, ruwan ɗorawa tudu ne, kore wurin da ruwa ke rufewa ya buɗe, shuɗi ruwa marar zurfi, fari kuwa zurfi. Haɗurran bakin gaɓa suna da alamominsu. Alamar `+` dutse ne da ke ƙarƙashin ruwa kullum, ba a san zurfinsa ba. Alamar `*` dutse ne mai ɓuya idan teku ta cika. `Wk` jirgi ne da ya nutse, irin waɗanda suke da yawa a mashigin Legas. Duk abin da aka kewaye da ɗigo-ɗigo, ka yi nesa da shi. Idan kuma an rubuta `PA` a gefensa, to wurin ƙiyasi ne kawai, sai ka ƙara ba shi tazara. Tazarar kuwa a gefen taswira na dama ko hagu ake auna ta, inda minti ɗaya yake mil ɗaya na teku, wato mita 1,852.

Akwai abin da taswira ba ta iya faɗa. Masu auno na dā igiya mai darma suke jefawa nan da can, tsakanin jifa biyu kuwa dutse na iya laɓewa. A watan Agusta na 1992, babban jirgin fasinja Queen Elizabeth 2 ya gogi duwatsu kusa da tsibirin Cuttyhunk a Amurka. Taswira ta nuna ƙafa 39 a yankin, bisa awon da aka yi tun 1939, alhali akwai duwatsun da suka fi haka kusa da sama. Ga shi kuma jirgin yana gudu sosai, gudu kuwa a ruwa marar zurfi yana ƙara nutsar da jirgi.

Don haka, mai karatu, duk ranar da taswirar teku ta zo hannunka, fara da abu uku: ma'auninta, shekarar da aka yi awon, da ranar gyaranta na ƙarshe da ake rubutawa a ƙasan takardar. Yashi yana ƙaura, jirage suna nutsewa, taswirar da ba a gyara ba kuwa labarin jiya take bayarwa.