Kafin ka goge sunan mutum daga jerin ƙungiya

Akwai ɗabi'ar da ta yi katutu a tsakanin sakatarorin ƙungiyoyi da masu shagon buga takardu, wadda na gaji da ganin ɓarnarta. Za a kawo wa mutum jerin sunaye uku, ɗaya daga wayar shugaba, ɗaya daga littafin ma'aji, ɗaya kuma wanda aka cike ranar taro. Sai ya zuba su a Excel, ya danna Remove Duplicates, ya ce an gama, kowa ya fito sau ɗaya. Ranar rabon taki ko aika saƙon gayyata sai a ga wani ya samu sau uku, wani kuma babu sunansa sam, a shiga zargin son kai, alhali gaggawa ce ta jawo.

Wannan maɓallin bai san mutane ba. Haruffa yake gwadawa ɗaya bayan ɗaya, in sun zo daidai ya bar layin farko ya share na ƙasa. Bambancin babban baƙi da ƙarami ne kaɗai yake kau da kai a kansa. Idan aka zaɓi dukkan kolum, ƙaramin saɓani a ko'ina ya isa ya bar maimaicin. Idan kuma aka zaɓi kolum na suna kaɗai, to duk takwarori sun shiga uku.

Kuskuren da ya fi ɓata min rai shi ne ɗaukar suna a matsayin shaida. Mu da muka san yadda sunayenmu suke bai kamata mu faɗa wannan ramin ba. Mutum ɗaya ne Muhammad a fom, Mohammed a katin banki, Moh'd a littafin ma'aji, Mamman a wayar abokinsa. Ɗanladi yakan koma Danladi in madannin wayar ba shi da ƙugiya. A'isha da Aisha da Aishatu duk mace ɗaya ce, kuma in ɗan'uwa daga Maraɗi ne ya rubuta jerin, Abubakar zai fito Aboubacar, Usman ya zama Ousmane. Wannan ɓangaren da sauƙi, iyakaci a kira mutum sau biyu. Ɗaya ɓangaren ne mai haɗari. Salisu Musa da Salihu Musa harafi ɗaya ya raba su, amma kowa da uwarsa. Haka Sa'idu da Sa'adu, Nasiru da Basiru, Hassan da Hassana. Mai gaggawa zai ce kuskuren bugu ne ya goge ɗaya. Su kuma masu suna Abubakar Sani, a unguwa ɗaya ma za a tara da yawa, babu harafin da ya bambanta su. Kama da wane ba ta wane. Wanda ya share sunan bawan Allah don ya yi kama da na wani ya tauye masa haƙƙi, ko da kuwa da kwamfuta ya yi.

Lambar waya ta fi suna ƙarfi a wajen shaida, sai dai ita ma sai an daidaita ta. A ce bayan haɗa jerin an samu waɗannan layuka:

```
Muhammad Bello    0803 000 0012
Moh'd  Bello      +2348030000012
MOHAMMED BELLO    8030000012
Muhammad Bello    0706-000-0045
```

Remove Duplicates ba zai taɓa ko ɗaya ba in an zaɓi kolum biyun. In suna kaɗai aka zaɓa, na huɗu zai goge, wato wanda ya fi kama da mutum daban, ya bar ukun da suke mutum ɗaya.

Kafin komai, a ajiye kwafin fayil ɗin a gefe, kada a taɓa shi. Sannan a ƙara kolum da ke nuna daga wane jeri kowane layi ya fito, domin in gardama ta tashi a san wanda za a tambaya. Daga nan a koma kan gurbin da ido ba ya gani. Idan ana shakka, a auna tsawon sunan da =LEN(A2). Salisu Musa ya kamata ya ba da 11, har da gurbin tsakiya. In ya ba da 12, akwai gurbi ɓoye. Maganinsa, a kolum C:

```
=TRIM(SUBSTITUTE(A2,CHAR(160)," "))
```

TRIM yana cire gurbin farko da na ƙarshe, ya mayar da na tsakiya guda ɗaya. Amma akwai wani gurbin mai lamba 160 da yakan biyo rubutun da aka kwafo daga intanet, TRIM ba ya ganinsa, shi ya sa ake fara sauya shi da gurbi na yau da kullum.

Lambar Najeriya ƙwaya 11 ce da sifirin farko, 10 in babu shi, kuma goman nan ba sa canzawa ko da an sa +234 a gaba. Don haka su za a ciro, a kolum D:

```
=RIGHT(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(B2," ",""),"-",""),10)
```

Sai a ƙirga sau nawa kowace ta fito, a kolum E:

```
=COUNTIF(D:D,D2)
```

Layuka ukun farko za su nuna 3, na huɗu ya nuna 1. A tace waɗanda suka haura 1, a jera su bisa kolum D don su zauna kusa da juna, sai a duba da ido. Lambobin Nijar ƙwaya 8 ne bayan +227, don haka a ware su a yi musu da 8 maimakon 10. Wani abin lura kuma, idan lamba mai 234 ta bayyana kamar 2.34803E+12, kada a adana fayil ɗin a CSV a haka, domin sauran ƙwayoyin za su salwanta. A mayar da kolum ɗin Text tun kafin a zuba lambobin.

Ko bayan wannan ba a fara gogewa ba tukuna. A gidajenmu waya ɗaya takan ɗauki mutum uku, maigida ya ba da lambarsa a madadin matarsa da mahaifiyarsa. In ka ga Hauwa da Ladidi da Isiyaku a kan lamba ɗaya, ba maimaici ba ne. Akasin haka kuma, mutum ɗaya da sim biyu, ko wanda ya jefar da tsohon layi. Muhammad Bello na huɗu zai iya zama wancan ɗin da sabon sim, zai iya zama wani can daban. Kwamfuta ba za ta raba wannan gardama ba. A duba unguwa, sunan mahaifi ko lambar katin ƙungiya, in ba su warware ba a ɗaga waya a kira. Ƙa'idata ita ce sai lamba ta zo ɗaya, suna kuma ya yarda da ita, sannan nake haɗewa. Shaida ɗaya ba ta isa ba.

Wajen haɗewar ma a yi hattara, tunda layin da ya zo farko ba lallai shi ne mafi cika ba. Wataƙila na biyu ne ke da adireshi, na uku ke da imel. A kwashe su zuwa layin da za a bari, a zaɓi rubutun sunan da ke kan katin shaidar mutumin, a ajiye laƙabinsa a wani kolum. Waɗanda aka cire a mayar da su wani shafi na daban cikin fayil ɗin maimakon a share. A ƙarshe a yi lissafi: waɗanda suka rage da waɗanda aka cire dole su ba da adadin da aka fara da shi. In an fara da 600, 540 suka rage, to a samu 60 cif a shafin waɗanda aka cire kafin a miƙa wa shugaba jerin.