Layin Saita Na'urar Auna Sinadari: Misali Daga Gwajin Dalma A Ruwan Sha

Na'urar da ake auna sinadari da ita a ɗakin gwaji ba ta ƙirga sinadarin kai tsaye. Wata alama take bayarwa, kamar yawan hasken da samfur ya shanye ko ƙarfin lantarkin da ya haifar, mai gwaji kuma shi ne yake mayar da alamar ta zama adadi. Gwajin gubar dalma a ruwan sha misali ne mai kyau, domin adadin da ake nema ƙanƙani ne ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya iyakar dalma a ruwan sha a kan maikirogiram 10 cikin kowace lita, maikirogiram ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Masifar dalmar da ta bayyana a ƙauyukan masu haƙar zinare na Jihar Zamfara a 2010, wadda ta kashe ɗaruruwan yara, ta nuna abin da ke rataye a kan irin waɗannan lambobi.

Na'urar da aka saba amfani da ita, wadda ake kira AAS, tana ƙona ɗigon samfur a cikin wani ƙaramin bututun girafait mai tsananin zafi, sannan ta ratsa tururin da hasken wata fitila ta musamman. Ƙwayoyin dalma suna shanye wani ɓangare na hasken, kuma idan dalmar ba ta yi yawa ba, abin da aka shanye yana ƙaruwa daidai da ƙaruwarta. Saboda haka kafin a taɓa samfur ko ɗaya, sai an haɗa ruwan ma'auni, wato ruwan da mai gwaji ya san adadin dalmar da ke cikinsa domin shi ya zuba ta. Ana haɗa shi da tataccen ruwa da ɗan asid ɗin naitirik, wanda yake hana dalmar maƙalewa a jikin kwalba.

A ƙaddara an haɗa kwalabe biyar masu ɗauke da maikirogiram 0, 5, 10, 15 da 20 a lita. Na'ura ta ba da 0.002, 0.027, 0.050, 0.077 da 0.099. Domin sauƙin lissafi, za a ninka su da dubu su zama 2, 27, 50, 77 da 99. Idan aka ɗiga waɗannan a takardar jadawali, adadin dalma a kwance, karatun na'ura a tsaye, ɗigogin za su jeru kusan a miƙe, amma babu layi guda da zai ratsa dukkansu. Ɗan abin da ya ragu a bakin bututun awo da ɗan rawar da fitila take yi sun isa su ture kowane ɗigo gefe kaɗan. Mutum biyu da rula za su ja layi biyu daban, kowa kuma ya ce nasa ne daidai.

Hanyar da take raba wannan gardama tsohuwa ce. Bafaranshe Adrien-Marie Legendre ya wallafa ta a 1805, Bajamushe Carl Friedrich Gauss kuma ya wallafa nasa bayanin a 1809, dukkansu a kan lissafin tafiyar halittun sararin samaniya. Ga kowane layi da aka gwada, ana auna giɓin da ke tsakanin ɗigo da layin, a tsaye. Ana ninka kowane giɓi da kansa, a tara su wuri guda. Layin da jimillarsa ta fi kowace ƙanƙanta shi ake ɗauka. Ninka giɓi da kansa yana hana na sama da na ƙasa su soke juna, yana kuma sa babban giɓi ya fi ƙarami nauyi sosai. Wannan nauyin yana da illa, domin ɗigo ɗaya da ya kauce, musamman a ƙarshen layi, yana iya jan layin gaba ɗaya zuwa wajensa.

Layin yana da siffa kamar haka:

```
y = a + b·x
```

A nan x shi ne adadin dalma, y karatun na'ura, a wurin da layin ya faro lokacin da babu dalma, b kuma hawan layin, wato yawan abin da karatu yake ƙaruwa da shi a kan kowane maikirogiram. Ga kwalaben nan biyar, b ya fito 4.88, a kuma 2.2. Ba a bukatar yin lissafin da hannu, domin a manhajar Excel umarnin SLOPE da INTERCEPT suna bayar da su. Idan aka kawo ruwan rijiya na'ura ta karanta 41, sai a cire 2.2 a raba da 4.88, a sami kusan maikirogiram 8.0 a lita. Layin yana aiki ne kawai tsakanin 0 da 20. Samfurin da karatunsa ya haura 99 sai an tsarma shi da tataccen ruwa an sake aunawa.

Yawancin masu gwaji suna tsayawa ne a kan wata lamba da manhaja take fitarwa, R², wadda idan ta kusa 1 ake cewa layi ya yi kyau. A nan ake yin kuskure mafi yawa, domin lambar tana iya yin kyau alhali layin bai dace ba. Abin da ya kamata a duba shi ne giɓin kowane ɗigo. Layin misalin nan ya yi hasashen 2.2, 26.6, 51.0, 75.4 da 99.8. Idan aka cire waɗannan daga ainihin karatun, giɓin zai zama −0.2, +0.4, −1.0, +1.6 da −0.8. Suna tsalle sama da ƙasa ba tare da wani tsari ba, kuma babu wanda ya yi wa sauran zarra. Haka ake so.

Sai a kwatanta da abin da yake faruwa idan mai gwaji ya faɗaɗa ma'aunansa zuwa 0, 20, 40, 60 da 80, na'ura ta ba da 2, 100, 190, 270 da 340. Layin da zai fito yana da hawa 4.23, ya faro daga 11.2, R² ɗinsa kuma ya haura 0.995, lambar da mutane da yawa za su sa wa hannu ba tare da sun sake dubawa ba. Amma giɓinsa −9.2, +4.2, +9.6, +5.0 da −9.6 ne. Ƙasa a farko, sama a tsakiya, ƙasa a ƙarshe: giɓin ya yi baka. Ma'anarsa ita ce na'urar ta fara gazawa a sama, kowane ƙarin dalma yana ba da ƙarin karatu ƙasa da na baya, an kuma tilasta wa abu mai lanƙwasa ya bi miƙaƙƙen layi. Illar tana faɗawa ne a kan ƙananan adadi, inda aka fi bukatar gaskiya. Ruwan da yake da maikirogiram 10, mai karatu 51, wannan layin zai ce 9.4 ne, ya shigar da shi ƙarƙashin iyaka. Mai maikirogiram 2, wanda karatunsa 12 ne, zai koma 0.2, kamar babu komai a cikinsa. Maganin shi ne a taƙaita zangon awo zuwa inda layin yake miƙe, ko a yi amfani da lissafin layi mai lanƙwasa tare da ƙarin kwalaben ma'auni.

Akwai wasu siffofin da giɓi yake nunawa. Idan yana ƙarami a ƙasa yana ta buɗewa zuwa sama kamar mazurari, to kuskuren na'ura yana girma tare da adadi, sai a rage wa manyan ɗigogi nauyi a lissafi, galibi da 1/x ko 1/x². Idan aka jera giɓin bisa lokacin da aka yi awo aka ga yana gangarowa a hankali, alama ce fitila ko bututun girafait suna canzawa yayin aiki. Ɗigo ɗaya da ya fita daban kuwa yawanci kuskuren haɗi ne ko kwalba mai datti. Share shi don R² ya ƙaru ha'inci ne. Abin da ya dace shi ne a sake haɗa kwalbar a sake aunawa, a kuma rubuta abin da ya faru a littafin gwaji.

Daga giɓin nan ne ake samun amsar tambaya ta gaba: mene ne mafi ƙanƙantar adadin da na'urar take iya ganowa? Ko tataccen ruwa aka ba ta, karatunta ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana ɗan motsi kamar shuwar rediyo tsakanin tashoshi, kuma ƙaramar alama tana iya nutsewa a cikinsa. Sai an auna girman wannan motsin. A layin farko, idan aka ninka kowane giɓi da kansa aka tara, ana samun 4.4. Ana raba wannan da 3, wato ɗigo biyar a cire biyu, saboda an riga an yi amfani da bayanan wajen fitar da a da b. Sakamakon 1.47 ne, lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan kuwa ita ce 1.21. Ita ake kira s, ma'aunin warwatsuwar karatu a gefen layi, kuma umarnin STEYX yana fitar da ita.

```
LOD = 3.3 × s / b
LOQ = 10 × s / b
```

LOD, iyakar ganowa, ta fito kusan maikirogiram 0.8 a lita. LOQ, iyakar da daga ita za a iya faɗin adadi da natsuwa, ta fito kusan 2.5. Lambar 3.3 ba da ka aka zaɓe ta ba. Ninkin 1.645 ne sau biyu, kuma tana nufin an yarda da haɗarin kashi 5 cikin ɗari na cewa akwai dalma alhali babu, da wani kashi 5 na cewa babu alhali akwai. Ba'amurken masanin sinadarai Lloyd Currie ne ya tsara wannan tunani a wata maƙala ta 1968.

Wannan ƙiyasi ne, kuma ɗigo biyar ba su da yawa, don haka rubuta 0.818 nuna ƙwarewar da babu ita ne. Yana kuma lalacewa idan layin ya lanƙwashe ko giɓin ya yi mazurari. A layi na biyu, s ya kai kusan 10, iyakar ganowa kuma za ta fito kusan maikirogiram 8, ba don na'urar ta lalace ba sai don lanƙwasar ta shiga lissafin. Shi ya sa ake tabbatar da ita ta wata hanyar. Ana iya auna ruwan da babu dalma a cikinsa kamar sau goma a ɗauki warwatsuwarsa a matsayin s. Hanyar hukumar kare muhalli ta Amurka kuma ita ce a zuba dalma kaɗan a samfura aƙalla bakwai, a bi da su ta dukkan matakan gwaji, a ninka warwatsuwarsu da 3.14 idan bakwai ɗin ne. Wannan ta fi kusa da gaskiya, domin ta haɗa da dattin kwalba da na asid da kuskuren hannu.

A takardar sakamako, samfurin da ya karanta 5 zai ba da 0.57 bisa layin farko, ƙasa da iyakar ganowa. Ba a rubuta masa 0.57, ba a kuma rubuta sifili, sai a rubuta cewa bai kai maikirogiram 0.8 a lita ba. Wanda ya faɗa tsakanin 0.8 da 2.5 ana cewa an gano dalma a cikinsa, amma adadin ƙiyasi ne. Takardar da ta ce “ba a gano ba” ba tare da ta ambaci iyakar ganowa ba, ba ta gaya wa mai rijiya komai ba, domin hanyar da iyakarta maikirogiram 50 ce za ta ce haka ga ruwan da ya ninka iyakar lafiya sau huɗu. Iyakar kuma ba ta dawwama, shi ya sa ake sake lissafa ta duk lokacin da aka canza fitila, bututu, asid ko irin samfurin da ake aunawa.