Ko Kun Sani?

A Turanci, wurin da nauyin murya ya sauka ne ke nuna ko za a ninka baƙin ƙarshe kafin a liƙa -ed ko -ing. A kalmar begin nauyin yana gaɓar ƙarshe, kuma wasali ɗaya ne gaban baƙi ɗaya, shi ya sa ake rubuta beginning. Haka occur ke komawa occurred. Amma visit nauyinta yana farko, don haka visited ce da t guda.

Harafin l ne ya raba gari. Turawan Birtaniya kan ninka shi ko da nauyin yana farko, su rubuta travelling, Amurkawa kuwa traveling, rubutun da ƙamusun Noah Webster na 1828 ya taimaka wajen kafawa. Duka daidai ne, sai dai kada ka cakuɗa su a takarda ɗaya.