Wasiƙar Mai Shagon Gwal: Me Ya Sa Farashi Ya Canza Sau Biyu a Mako Ɗaya?

Ƙaramin mai shagon gwal yakan rubuta wa abokan cinikinsa wasiƙa idan farashin giram ya motsa fiye da yadda aka saba. Wani ya liƙa ta a jikin gilashin shago, wani ya tura ta a waya. Buƙatarta ta fi tsanani idan canjin ya zo sau biyu a 'yan kwanaki, domin a lokacin ne zargi yake shiga tsakani. Uwar da take haɗa kayan 'yarta ta tambayi kuɗin sarƙa ranar Laraba, ta dawo Juma'a ta ji wani kuɗin, Talata kuma maƙwabciyarta ta saya a ƙasa da duka biyun. Aikin wasiƙar shi ne ta buɗe lissafin da ke bayan farashin, yadda duk mai karantawa zai iya sake yin sa da kansa.

Inda farashin giram yake fitowa

Ba a Kano ko Kaduna ake yanka farashin zinare ba. Kasuwar duniya ce take yanka shi da dalar Amurka, kuma ma'auninta oza ce ta musamman mai nauyin giram 31.1. A Landan ana fitar da farashin da dillalai suke dogaro da shi sau biyu a kowace ranar aiki, da ƙarfe 10:30 na safe da kuma ƙarfe 3:00 na rana agogon can, amma tsakanin waɗannan lokuta ciniki ba ya tsayawa, farashin yana hawa yana sauka. Da yake kayan adon da ake sayarwa a shagunan Arewa da yawansu daga Dubai da Saudiyya ake sarowa, dillalin da yake ba ƙaramin shago kaya da wannan farashi yake yin lissafinsa.

Mai shago yana bin matakai huɗu. Da farko ya raba kuɗin oza da 31.1, ya samu kuɗin giram ɗaya na tsantsar zinare da dala. Sai ya mayar da shi naira a farashin da 'yan canji suke sayar da dala a ranar, irin na kasuwar Wapa a Kano, domin a wannan farashin zai samu dalar da zai biya dillali. Na uku shi ne karat. Tsantsar zinare karat 24 ce, kuma ta yi laushi ga kayan da ake sawa kullum, shi ya sa ake garwaya ta da jan ƙarfe ko azurfa. Karat 22 tana ɗauke da zinare kashi 916 cikin 1,000, karat 21 kashi 875, karat 18 kuma kashi 750. Waɗannan lambobi ne ake gani a hatimin da ke jikin maƙullin sarƙa ko cikin zobe. A ƙarshe ya ɗora kuɗin aiki, wanda ya haɗa ladan ƙira da kuɗin kawo kaya da ribar shago.

Cikin waɗannan huɗun, karat ba ta canzawa, kuɗin aiki kuma yakan daɗe a wuri ɗaya. Kuɗin oza da kuɗin dala su ne masu motsi, kuma ba sa jiran juna.

Makon da farashi ya hau ya sauka

A watan Oktoba na 2025 zinare ya haye dala 4,000 kowace oza a karon farko a tarihi. Manyan bankunan ƙasashe sun saye fiye da tan 1,000 a kowace shekara daga 2022 zuwa 2024, sannan ga takun-saƙar kasuwanci tsakanin Amurka da Sin, ga tsammanin rage kuɗin ruwa a Amurka, duk sun tura masu jari wajen zinare. Ranar Litinin 20 ga watan oza ta kai kusan dala 4,380. Washegari ta faɗi da fiye da kashi 5 cikin 100 a yini ɗaya, bayan da masu jari da yawa suka sayar domin su kwashi riba.

Ga misalin yadda irin wannan mako yake shafar ƙaramin shago. An daidaita lambobin domin sauƙin lissafi, an ɗauki dala a naira 1,500, kuɗin aiki kuma naira 12,000 a kowane giram. Da oza take dala 4,150, giram na tsantsar zinare ya kama kusan naira 200,000, na karat 21 kuma naira 175,100. Da kuɗin aiki, giram ya tashi a 187,100, sarƙa mai giram 20 ta zama naira 3,742,000.

Ranar Juma'a oza ta kai dala 4,350. Giram na karat 21 ya koma 183,600, wato ƙarin naira 8,500, sarƙar ta zama 3,912,000. Wannan shi ne canji na farko. Talata da yamma oza ta sauko zuwa dala 4,120, giram ya dawo 173,900, sarƙar ta koma 3,718,000. Wannan shi ne na biyu. Sarƙar ba ta bar inda take rataye ba, amma tsakanin mai saye ranar Juma'a da mai saye bayan faɗuwar akwai bambancin naira 194,000.

Dala ma tana iya yin wannan aiki ita kaɗai. Da oza za ta tsaya cak a dala 4,150 amma dala ta ƙaru da naira 30, giram na karat 21 zai ƙaru da kusan naira 3,500. Masu shaguna sun ga haka ƙarara a watan Yuni na 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yanka mata farashi, da kuma farkon 2024 da ta sake yin mummunar faɗuwa.

Tambayar da ta fi zafi

Abin da masu saye suka fi tambaya shi ne: tunda an saro kayan tun kafin farashi ya hau, me ya sa ba za a sayar a tsohon kuɗi ba? Amsar ita ce jarin mai shagon gwal da giram ake auna shi. Idan ya sayar da sarƙar giram 20 ranar Juma'a a tsohon farashi, kuɗin zinaren da ya karɓa naira 3,502,000 ne. Idan ya je wajen dillali a wannan ranar, kuɗin ba zai saya masa fiye da giram 19 da ɗan kaɗan ba. Domin ya mayar da giram 20 ɗinsa sai ya cika naira 170,000 daga cikin 240,000 na kuɗin aiki, alhali daga nan ne zai biya ladan ƙira da hayar shago da yaransa. Idan ya yi haka sau da yawa, zai wayi gari da naira a aljihu amma kantarsa ta rage kaya. Halinsa ɗaya da mai sayar da hatsi da yake duba nawa zai sake cika buhu kafin ya yanka kuɗin kwano.

Wannan hujja tana da sharaɗi, kuma a nan ake gane gaskiyar mai shago. Idan kuɗin mayar da kaya ne yake sa shi ƙara farashi, shi ne kuma zai tilasta masa ragewa. Kayan da ya saro ranar Litinin da tsada dole ya sayar da su a farashin bayan faɗuwa, ya ɗauki asarar. Wanda yake gaggawar ƙari amma yake jan ƙafa wajen ragi ya rushe hujjarsa da hannunsa.

Abin da wasiƙar take ƙunsa

Bayan sallama da godiya, wasiƙa mai kyau tana faɗin rana da lokacin kowane canji, da tsohon farashi da sabo na kowace karat. Tana kawo kuɗin oza da kuɗin dalar da aka yi lissafi da su, sannan ta ware kuɗin zinare daban, kuɗin aiki daban. Jimla ɗaya tana iya ɗaukar wannan, kamar a ce: "Hajiya da Alhaji, giram na karat 21 ya tashi daga 187,100 zuwa 195,600 ranar Juma'a, ya sauko zuwa 185,900 ranar Talata, kuɗin aikinmu kuwa yana nan a 12,000."

Sai ta fuskanci mutane uku da canjin ya shafa kai tsaye. Na farko wadda ta ba da kafin alƙalami: dole a bayyana ko kuɗinta ya tsayar da farashin ranar da ta biya, ko kuwa ajiya ce kawai, za a yi ciniki a farashin ranar karɓa. Shaguna da yawa sun fi son hanya ta biyu, wadda ta dace da hukuncin da malamai suka sani cewa cinikin zinare da kuɗi hannu da hannu ake yin sa. Na biyu wadda ta saya a tsakiyar tsada: wasiƙar ta faɗa mata a fili cewa ba a mayar da bambanci, kamar yadda ba a bin wadda ta saya da arha a ce ta ciko. Na uku wadda take son sayar wa shago tsohon gwal ɗinta: farashin saye daga hannun mutane ba ya haɗawa da kuɗin aiki, shi ya sa yake ƙasa da na sayarwa, amma tilas ya hau tare da shi ya kuma sauka tare da shi.

Yadda mai saye zai gwada bayanin

Wasiƙar da ta ce kawai "dala ta tashi" ba tare da lamba ba, ba ta bayyana komai ba. Mai saye yana iya duba kuɗin oza a wayarsa, ya tambayi 'yan canji kuɗin dala, ya bi matakan nan huɗu. Idan oza ta ƙaru da kashi 5 cikin 100, dala ba ta motsa ba, amma farashin shago ya ƙaru da kashi 10, to an ɓoye ƙarin riba a cikin labarin kasuwar duniya. Ɗan bambanci ba abin zargi ba ne, domin dillalai suna ɗora nasu ƙarin, kuma farashin yana motsi cikin yini.

Lissafin yana da iyaka. Farashin giram kaɗai yake tabbatarwa, ba ya tabbatar da nauyi ko karat. Saboda haka a auna kayan a sikeli a gaban mai saye, a cire nauyin duwatsun ado domin kada a biya su da kuɗin zinare, kuma idan akwai shakka a kan hatimi a goga kayan a dutsen gwaji a ɗiga ruwan gwaji. Rasidi ya nuna kwanan wata da nauyi da karat da kuɗin giram da kuɗin aiki. Mai shagon da ya rubuta waɗannan a wasiƙarsa da rasidinsa ya ba abokan cinikinsa hanyar binciken sa, kuma wanda ya yarda a bincike shi ne ya cancanci a koma wajensa.