Kafin a danna "goge": yadda ake barin manhajar neman aure

A watan Yulin 2015 wasu masu kutse suka shiga rumbun bayanan Ashley Madison, wani shafin intanet na ƙasar Kanada da ke haɗa masu aure da abokan shashanci, kuma a watan Agusta suka watsa bayanan mutane sama da miliyan 30. Cikin waɗanda asirinsu ya tonu har da mutanen da suka biya dala 19 don a share sunansu kwata-kwata. Kamfanin ya karɓi kuɗin, amma bai share komai da komai ba. A ƙarshen 2016 sai da ya amince ya biya dala miliyan 1.6 don sasantawa da hukumomin Amurka.

Shafin ba abin koyi ba ne, amma abin da ya fito da shi fili ya shafi duk mai asusu a manhajar neman abokin zama, ko Tinder ce, ko Bumble, ko Hinge, ko Muzz da Musulmi masu neman aure suka fi sani. Shiga waɗannan manhajoji ba ya cin minti goma. Fita kuwa tana da ƙofofi uku, kuma da yawa suna bin ta ɗaya suna zaton ta ɗayar suka bi.

Ƙofa ta farko ita ce cire manhajar daga waya, kuma a gaskiya ba fita ba ce. Mutum ya danne alamar manhajar ya jefar da ita, ya ji ya huta, alhali asusunsa na nan daram a rumbun kamfanin. Hotunansa na iya ci gaba da bayyana ga masu dubawa, saƙonni na shigowa ba mai karantawa. Idan kuma yana biyan kuɗin wata-wata, za a ci gaba da cira daga katinsa. Yadda ake gane an yi wannan kuskuren abu biyu ne: ko alat ɗin banki ya shigo a ƙarshen wata, ko wani aboki ya kira yana dariya, "Kai da ka ce an sa maka rana, me kake yi a nan?"

Ta biyu ita ce dakatarwa. A Bumble sunanta Snooze, an fito da ita a 2018, kuma mutum na iya zaɓar awa 24, ko awa 72, ko mako guda, ko har sai ya ga damar dawowa. Yana ma iya maƙala ɗan bayani da zai nuna wa abokan hirarsa cewa tafiya ya yi ko aiki ne ya sha kansa. A Hinge ana kiranta Pause: sababbin mutane ba za su ga shafin ba, amma tsofaffin hirarraki suna nan a buɗe. Tinder ma na bari a ɓoye shafi, sai dai da ɗan tarko, domin waɗanda mutum ya riga ya nuna yana so kafin ya ɓuya suna iya ganinsa, su amsa, a haɗa su. Saboda haka wanda ya ɓoye shafinsa ranar Litinin kada ya yi mamaki in ya ga sabon haɗi ranar Laraba.

Ta uku ita ce gogewa, wadda ba ta da kome. Hirarraki sun tafi, waɗanda aka haɗu da su sun tafi, kuma wanda ya sake buɗe asusu da lambar wayarsa ɗaya zai fara ne daga tushe.

To wacce za a bi? Ma'aunin da ya fi aiki shi ne a tambayi kai ko dalilin barin yana da ranar ƙarewa. Jarrabawa tana da ranar ƙarewa. Azumi, aikin Hajji, jinyar mahaifiya, ko gajiyar da ke sa mutum ya riƙa shafa fuskokin mutane da yatsa ba tare da ya karanta ko layi ɗaya ba, duk waɗannan na dakatarwa ne. Haka ma wanda ya samu wadda ta kwanta masa a rai amma magana ba ta je gaban manya ba. A irin wannan matakin mutane kan yi gaggawar gogewa don su burge, sai bayan mako uku magana ta watse, su dawo suna sake ɗora hotuna. Dakatarwa ta ishe su: ta rufe ƙofar baƙi, ta bar hanyar dawowa.

Idan kuwa an kai gaisuwa, an yi baiko, an sa rana, dakatarwa ta zama ajiye ƙafa ɗaya a waje. Malamai sun daɗe suna bayanin hanin neman aure a kan neman wani, kuma budurwar da aka yi wa baiko amma shafinta na yawo tana jefa maza cikin abin da ba su sani ba. Namijin da aka karɓi kuɗin aurensa shi ma bai da hujjar barin shafi a buɗe. Abu ɗaya ne ya kamata su biyun su yi da baki, ba da zato ba: su tambayi juna ko an goge. Rigima da yawa tana tasowa ne daga nan, ita ta goge nata tun watan jiya, shi kuma cirewa kawai ya yi daga waya yana ganin ya gama.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne jerin matakan. A ɗauki misalin wata ma'aikaciyar jinya, shekarunta 29, da ke hira da mutum huɗu a manhaja ɗaya, tana kuma biyan kuɗin wata ta Google Play. Na farko sun daidaita, iyayensa za su zo ranar Asabar. Na biyu mutumin kirki ne, sun yi kusan wata guda suna hira, har ya fara tambayar sunan waliyyinta. Na uku sallama ce kawai ta haɗa su da layi biyu. Na huɗu kuwa tun makon jiya yake matsa mata ta turo hoto ba mayafi, da ta ƙi sai ya koma zagi.

Abin da zuciya ke raya mata shi ne ta rubuta wa kowa "Allah ya haɗa kowa da rabonsa" ta danna gogewa nan take. In ta yi haka, da wuya wani ya karanta. A manhajoji da dama, da zarar asusu ya goge, hirar tana ɓacewa daga wayar ɗaya ɓangaren ma, har da saƙon bankwanan. Na biyun zai buɗe wayarsa bayan la'asar ya tarar babu ita babu dalilinta, kamar wanda ya je zance ya iske an tashi daga gidan. Zai yi ta tunanin ko wata magana ce ya faɗa ba daidai ba, ko toshe shi aka yi.

Don haka dakatarwa ce matakin farko ko ga mai niyyar gogewa, domin ita ce ke hana sababbi shigowa yayin da ake sallamar tsofaffi. Daga nan sai saƙo, kuma ba kowa ke da hakki iri ɗaya ba. Na biyun, wanda ya sa rai, shi ya cancanci cikakkiyar magana:

"Salamu alaikum, Malam. Na ga bai dace in tafi ban sanar da kai ba. Magana ta yi ƙarfi tsakanina da wani, manya sun shigo ciki, don haka jibi zan rufe wannan asusun. Na gode da mutuncin da ka nuna mini. Allah ya ba ka wadda ta fi ni alheri."

Saƙon gajere ne, amma ya faɗi dalili, ya faɗi rana, kuma bai bar wata kafa ba. Abin da babu a cikinsa ma yana da muhimmanci. Babu "wataƙila nan gaba", babu "mu ci gaba da zumunci", babu jerin aibobin mutumin. Kalmar da ta fi cutarwa a irin wannan saƙo ita ce "tukuna". Mai cewa "ban shirya ba tukuna" alhali ya san ya gama, ya ɗaure mutum ne da igiyar jira, kuma tausayin da yake ganin ya yi na kansa ne, don ya guje wa nauyin faɗin gaskiya.

Na ukun layi ɗaya ya ishe shi, in ma ba a rubuta ba babu wanda zai ce an ci amana. Na huɗun kuwa ba a yi masa bankwana. Abin da ya dace da shi shi ne ta ɗauki hoton allon hirar, wanda ke nuna sunansa da kwanan wata, ta kai ƙararsa ta maɓallin da manhajar ta tanada, sannan ta toshe shi. Dole wannan ya zo kafin gogewa, domin bayan ta goge, hujjar ta bar hannunta. Haka abin yake ga wanda ya fara kawo labarin kuɗin asibiti ko wata harkar zuba jari mai riba ninki biyu.

Ga wanda dakatarwa kawai zai yi, saƙon ya sha bamban, domin yana buƙatar wa'adi: "Zan ɗan ɗaga ƙafa daga nan har bayan Sallah saboda aiki. In kina nan lokacin, zan neme ki. In kuma kin samu wani kafin nan, babu komai." Jimlar ƙarshen ce ta sa saƙon ya zama adalci. Batun ba da lambar waya kuma a yi shi da lura. Manhaja na ɓoye lambar mutum, WhatsApp kuwa na bayyana ta, sau da yawa har da hoto da suna na gaskiya. Sai wanda aka yarda da shi, ba duk wanda ya ce "to ba ni lambarki kafin ki tafi" ba.

Bayan ta bar kwana biyu don saƙon ya isa, saura kuɗi. Goge asusu ba ya tsayar da biyan da aka ƙulla ta kantin manhajoji, domin yarjejeniyar tana hannun Google ko Apple ne. A wayar Android za ta buɗe Google Play, ta shiga Payments & subscriptions, sannan Subscriptions, ta zaɓi manhajar ta danna Cancel subscription. Mai iPhone zai shiga Settings, ya taɓa sunansa, ya shiga Subscriptions. Gara a yi wannan aƙalla kwana guda kafin ranar sabuntawa. Sokewa ba ta maido da kuɗin kwanakin da suka rage. In ta biya ranar 5 ga wata ta soke ranar 20, abin da ta saya yana aiki har 5 ga watan gobe, sai dai ba za a sake cira ba.

Sai a ƙarshe ta shiga cikin manhajar ta danna Delete Account, ta jira saƙon tabbatarwa, sannan ta cire ta daga waya. Ko a nan bayanan ba sa ɓacewa a daren. Tinder, alal misali, ta bayyana a ƙa'idojinta cewa takan riƙe bayanan asusun da aka rufe na wata uku saboda binciken masu laifi. Wanda ke son ya tabbatar an share yana iya rubuta wa kamfanin ya nema. A Turai dokar GDPR da ta fara aiki a 2018 ta ba da wannan hakki, a Najeriya ma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba mutum damar neman a share bayanansa. Abin da babu dokar da za ta goge shi ne hoton da wani ya riga ya adana a wayarsa, kuma a misalin ma'aikaciyar jinyar, ƙin tura wa na huɗun hoto ne ya sa ba ta bar komai a hannunsa ba sai hotunan shafinta da kowa ya gani.