Dalilin da ya sa sunan fayil yake hana shi isa wata kwamfuta

Ɗalibin ilimin harsuna da ya dawo daga aikin tattara bayanai yakan zuba muryoyin da ya naɗa da rubutunsu a dosiye guda, ya haɗa ta da manhajar daidaitawa irin su OneDrive ko Dropbox, domin duk abin da ya ajiye ya bayyana a kwamfutar malaminsa. Sai a wayi gari fayil arba'in sun isa, uku sun maƙale. Laifin farko akan ɗora shi a kan raunin intanet, kuma a garuruwanmu wannan zargi ba ya rasa tushe. Amma idan fayilolin nan uku ne kullum suke tsayawa alhali waɗanda suka fi su nauyi suna wucewa, to sunayensu ya kamata a duba.

Manhajar daidaitawa ba ta ɗaukar fayil ta kai shi kamar yadda ake kai wasiƙa. Tana aika abin da ke cikinsa, sa'an nan ta roƙi ɗaya kwamfutar ta ƙirƙiro sabon fayil mai wannan suna a wannan gurbi. Kowace kwamfuta tana da dokokinta na raɗa suna. Idan sunan ya saɓa wa dokar mai karɓa, ba za a ƙirƙiro komai ba. Saboda haka dokar da ta fi tsauri a cikin jerin na'urorin ita ce take hukunci a kan kowa.

Wadda ta fi tsauri ita ce ta Windows, da ta haramta alamomi tara a cikin suna:

```
\ / : * ? " < > |
```

Duk wanda ya zauna a ajin tsarin sauti ko na ginin jumla zai gane su nan take, don kusan dukkansu kayan aikinmu ne. Da tauraro muke nuna jumlar da ba ta karɓuwa, da alamar tambaya muke nuna wadda ake shakka a kanta, tsakanin sanduna biyu masu karkata muke sa ƙwayar sauti, ɗigo biyu kuma su ne tsawon wasali a wurin mai gaggawa. A wurin Windows kowace tana da wani aiki: ɗigo biyu suna bin harafin faifai kamar a `C:`, sanda mai karkata tana raba dosiye da dosiye, tauraro kuwa yana nufin kowane jerin haruffa a wajen bincike. Kwamfutar Mac ko ta Linux za ta karɓi suna kamar `*yaro ta zo.wav` ba tare da gardama ba, shi ya sa mai ita ba ya sanin ya ɗana tarko sai fayil ɗin ya ƙi sauka a wurin abokin aikinsa. Haka nan sunan da ya ƙare da ɗigo ko da fili, da wasu keɓaɓɓun sunaye irin su `CON`, `NUL` da `AUX`. Na ƙarshen nan ya cancanci a lura da shi, tunda da shi ɗin ne masu ginin jumla suke taƙaita sunan wani rukunin kalmomi.

Batun tsawo ya fi wannan ruɗarwa, domin ba sunan kaɗai ake ƙirgawa ba. Ana ƙirga hanyar gaba ɗaya, tun daga harafin faifai har zuwa ƙarshen suna. Tsohuwar iyakar Windows haruffa 260 ce, ɗaya daga ciki kuma alamar rufewa ce, saura 259. A ɗauki wannan hanya:

```
C:\Users\Dalibi\OneDrive\Master 2\Memoire\Donnees de terrain\Damagaram\Enregistrements\
```

Ta cinye haruffa 87 tun kafin a rubuta sunan fayil, saura 172. Ɗalibi ya raɗa suna mai haruffa 90, ya sa jigon hirar da unguwa da rana da bayanin cewa wannan shi ne gyara na uku, komai ya zauna lafiya. Malaminsa kuwa ya ajiye dosiyar a can ƙarƙashin sunan jami'a da tsangaya da shekarar karatu da jerin ɗalibai, abin da ya ƙara haruffa 100 a gaba. Yanzu gurbin da ya rage 72 ne, kuma suna mai 90 ba zai shiga ba. Fayil ɗaya, suna ɗaya, amma ya halatta a nan ya haramta a can. Tun 2016 Windows 10 ta ba da damar ɗage wannan iyaka, sai dai sai an kunna damar, kuma manhajoji da yawa har yanzu da tsohon ma'auni suke aiki. Shi ya sa wani lokaci fayil yakan sauka, amma ya ƙi buɗuwa ko ya ƙi kwafuwa. Gwajin mai sauƙi ne: a matsar da dosiyar kusa da tushen faifai. In matsalar ta kau, tsawo ne.

Wurin da abin ya fi shafar masu nazarin Hausa shi ne yadda ake ƙirga harafi. Sabobin da ke aiki da Linux galibi suna iyakance suna guda ga bayit 255, kuma a tsarin UTF-8 ba kowane harafi ne bayit ɗaya ba. Harafin k bayit ɗaya ne, amma ƙ biyu ne, haka ɓ da ɗ da ƴ. Kalmar gā̀rī, ta garin tuwo, ido yana ganin haruffa huɗu, na'ura tana ƙirga bayit 8 aƙalla, domin alamar karin sauti da ke kan dogon wasalin ita ma tana cin biyu. A ajami kowane baƙi biyu ne, kowane wasali biyu, don haka suna yakan cika ma'auni da alamomi 127 kacal.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani sam. Unicode ta yarda a rubuta à ta hanya biyu: ko harafi guda da aka ƙera da alamarsa, ko a tsura sa'an nan alamar karin sauti ta biyo baya. Ana kiran tsarin farko NFC, na biyu NFD. Ga gàrī, na birni, a ma'aunin Python:

```python
from unicodedata import normalize
len(normalize("NFC", "gàrī"))  # 4
len(normalize("NFD", "gàrī"))  # 6
```

Tsohon tsarin faifan Mac, HFS+, yana warware kowane suna zuwa siffa ta biyu, yayin da allon rubutun Windows ya saba fitar da ta farko. A yaren fanninmu, Mac tana ɗaukar siffofin biyu a matsayin furuci biyu na ƙwayar sauti guda, Windows da Linux kuwa suna ɗaukarsu ƙwayoyi biyu masu bambanta ma'ana. Manyan manhajoji suna ƙoƙarin sulhunta su, amma inda sulhun ya kuɓuce, kamar wajen kwance fayil ɗin zip ko kwafa zuwa saba, sai a ga fayil biyu masu suna iri ɗaya a dosiye guda, ko a rubuta sunan daidai a wurin bincike a ce babu shi. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa sun tsira daga wannan, don siffa ɗaya tak kowannensu yake da ita. Wasula masu alama ne abin tsoro, har da é da è na Faransanci da suka cika sunayen dosiyoyinmu.

A ganina, ƙa'idar rubutu wurinta cikin fayil, suna kuwa lamba ce kawai. Suna kamar `hau_dmg_20240312_m01.wav` ya faɗi harshe da wuri da rana da lambar mai magana cikin haruffa 24, duk na bayit ɗaya, ba fili ba alama. Jigon hira da cikakken bayani da duk lanƙwasa da karin sauti sai su koma wani jadawali na dabam, kowane layi da lambarsa. Mai niyyar gyara tsofaffin sunaye kuma ya tuna cewa fayil ɗin `.eaf` na ELAN yana riƙe da sunan muryar da aka haɗa shi da ita. In aka sauya sunan `.wav`, ELAN zai nemi a nuna masa inda muryar take a buɗewa ta gaba, don haka gara a sauya, a buɗe, a sake haɗawa, a adana, kafin a bar manhajar daidaitawa ta kai wa malam.